Ɗana ya ɗauke da daddare saboda zazzaɓi, me ya kamata na yi a lokacin?

Uwar Biyu daga Gwale:
Assalamu alaikum iyaye da ƴan uwa. Ina neman wanda ya san harkar lafiyar yara ya yi mini bayani, domin har yanzu zuciyata ba ta koma daidai ba. Ɗana mai shekara ɗaya da rabi ya wuni shekaranjiya da ɗan zafin jiki da mura, na ba shi farasitamol da la'asar, ya yi wasansa har ya ci abincin dare. Wajen ƙarfe ɗaya na dare na ji gadon yana motsi, da na haska fitilar waya sai na ga jikinsa ya sanƙare, idanunsa sun kakkafe sama, hannu da ƙafa suna fizga, yawu yana fita ta gefen bakinsa, leɓɓansa kuma sun yi duhu. Na yi ihu, surukata ta shigo da gudu ta tura masa cokali a baki, ta kuma murza masa albasa a hanci, ni kuwa na sheƙa masa ruwan randa. Bayan ɗan lokaci jikinsa ya saki, ya yi kuka kaɗan, ya kama barci. Mun kai shi asibiti a daren, aka gwada jininsa aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka ba shi magani, aka sallame mu da rana. Yanzu ya warware, sai ciwon da cokalin ya ji masa a dasashi. Abin da ke hana ni barci shi ne, shin wannan farfaɗiya ce ta fara, kuma shin ƙwaƙwalwarsa ta taɓu?

Hajiya Kaka:
Wa alaikumus salam ƴata. Allah ya ƙara masa lafiya, ya kuma tsare gaba. Mu a zamaninmu bugun tsuntsu ake ce wa wannan, kuma cokalin da surukarki ta sa masa shi ne abin da muka tashi muka ga iyayenmu suna yi, domin kada yaro ya taune harshensa ko ya haɗiye shi. Ni kaina na yi wa biyu daga cikin ƴaƴana, kuma ga su nan sun girma har da nasu iyalin.

Sista ta Sashen Yara:
Amin, Hajiya. Ƴar uwa, ina yi miki jaje, domin na san babu uwar da za ta ga wannan ba ta ɗauka mutuwa ce ta zo ba. Na daɗe ina aikin jinya a sashen yara a nan Kano, kuma da wuya a yi kwanan aiki a damina ba a shigo mana da irin ɗanki ba.

Abin da kika bayyana ya yi kama da jijjigar da zazzaɓi ke kawowa. Tana samun yara ne daga wata 6 zuwa shekara 5, ta fi yawa kuma a tsakanin shekara ɗaya da biyu, wato daidai shekarun ɗanki. A cikin yara 100, tsakanin 2 zuwa 5 sukan yi ta aƙalla sau ɗaya kafin su girma. Dalilinta shi ne ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro ba ta gama ƙwari ba, sai zafin jiki ya rikita saƙonnin da ke gudana a cikinta na ɗan lokaci, jiki ya sanƙare ya yi ta fizga, sannan abin ya lafa da kansa. Yawancinta ba ta wuce minti 2 zuwa 3, ko da yake ga uwar da ke tsaye a kai, kamar awa guda ce. Idan ta kama jiki gaba ɗaya, ta tsaya da wuri, ba ta sake dawowa a cikin wannan yinin da daren ba, yaro kuma ya farfaɗo ya gane mutanensa, to irin wannan ba ta lalata ƙwaƙwalwa, ba ta rage basira, kuma ba farfaɗiya ba ce. Ita farfaɗiya takan zo ne ba tare da zazzaɓi ba, tana kuma maimaituwa.

Hajiya, da girmamawa zan yi magana a kan cokali. Ƴaƴanki sun tashi lafiya ne domin jijjigar da ma za ta tsaya da kanta, da cokali da babu. Mutum ba ya iya haɗiye harshensa, domin harshe a ɗaure yake ta ƙasa. Abin da cokali ke yi shi ne karya haƙori, yanka dasashi kamar yadda ya faru da wannan yaro, wani lokacin ma ya tura harshen baya ya toshe hanyar numfashi. Na taɓa ganin uwa da yatsanta a fashe saboda ta tura shi a bakin yaro, yaron kuma ya shaƙi jinin.

Uwar Biyu daga Gwale:
Na gode Sista, Allah ya saka da alheri. To idan ba cokali, ba albasa, ba ruwa, me uwa za ta yi? Ba zan iya tsayawa ina kallonsa kawai ba.

Sista ta Sashen Yara:
Akwai abin yi, sai dai ba shi da yawa, kuma wahalarsa ita ce riƙe hannu daga abin da tsoro ke sa mutum ya yi. Ki sauke shi daga gado ki shimfiɗa shi a tabarma ko katifar ƙasa, nesa da murhu, bokitin ruwa da duk abin da zai buge. Ki kwantar da shi a gefensa, fuskarsa ta ɗan kalli ƙasa, domin yawu ko amai su zubo waje maimakon su koma huhu. Wannan kwanciyar ita ce take kare numfashinsa, aikin da ake zaton cokali yana yi. Ki sassauta masa riga a wuya, ki cire bargo idan an lulluɓe shi, kada ki danne hannu ko ƙafarsa don hana su motsi, kada kuma ki rungume shi kina girgizawa.

Sannan ki dubi agogon waya a daidai lokacin da abin ya fara. Wannan shi ne abin da iyaye suka fi mantawa, kuma shi muka fi buƙata idan kun iso. Idan minti 5 ya cika jikin bai saki ba, kada a jira komai, a ɗauke shi a kwance a gefensa a nufi asibiti mafi kusa, domin jijjigar da ta wuce minti 5 sau da yawa ba ta tsayawa sai da magani. Muna da maganin da ake sa wa yaro ta dubura ko ta jijiya, yakan tsayar da ita cikin ƴan mintuna. Idan akwai mutum na biyu a ɗakin, ya ɗauki hoton bidiyo na ɗan lokaci, domin likita ya ga ko jikin duka ne ke fizga ko gefe ɗaya.

Babu abin da za a ɗura masa a baki har sai ya farka sosai ya gane ki, ko ruwa, ko nono, ko magani, ko man ja. Yaron da ba ya cikin hayyacinsa ba ya iya haɗiya, abin da aka ɗura masa huhu yake tafiya, bayan kwana biyu kuma a dawo mana da shi da ciwon huhu mai tsanani, wanda ya fi jijjigar haɗari nesa ba kusa ba.

Malam daga Ƙofar Nassarawa:
Sista, ina da tambaya a kan wannan gaɓar. Mu mutane ne masu addu'a, kuma a gidajenmu idan yaro ya ɗauke akan yi masa tofi, a ba shi rubutu, wasu kuma su yi masa turare domin suna ganin iska ce ta shafe shi. Shin kina cewa a bar wannan duka ne?

Sista ta Sashen Yara:
Allah ya gafarta Malam, ni ma idan nawa ya kwanta addu'a nake fara yi, kuma babu ma'aikacin lafiyar da zai hana uwa karanta abin da ya sauwaƙa a kan ɗanta alhali yana kwance a gefensa. Abin da nake roƙo shi ne kada a ɗura masa ruwan rubutu a lokacin da ba ya iya haɗiya, a bari sai ya farka. Hayaƙi kuwa ina roƙon a bar shi gaba ɗaya a wannan lokacin, domin yaro yana fama da numfashi ne, leɓɓansa ma har duhu suke yi, hayaƙin garwashi da turare ƙara shaƙe shi suke yi. Kuma kada jiran mai tofi ya jinkirta tafiya asibiti.

Malam daga Ƙofar Nassarawa:
Na gamsu da batun ɗura da hayaƙi. Batun ko akwai iska a ciki ko babu, wannan zan bar shi inda yake, domin ba duk abin da ke samun ɗan Adam ne ake gani a gwajin jini ba. Amma tafiya asibiti ba ta saɓa wa addu'a, wannan na yarda.

Mai Kemis a Kurna:
Ni a ganina maganin abin tun farko shi ne kada a bar zafin ya hau. Iyaye su riƙa ajiye farasitamol a gida, da zarar jikin yaro ya yi ɗumi a ba shi duk bayan awa huɗu, a haɗa masa da ibuprofen, a riƙa goga masa ruwan sanyi. Idan zafin bai kai 40 ba, yaro ba zai ɗauke ba. Sau da yawa ma haƙori ne ke kawo zafin a wannan shekarun.

Sista ta Sashen Yara:
Ɗan uwa, ka yi gaskiya a kan ajiye farasitamol, domin yana sauƙaƙa wa yaro jin jiki har ya samu ya sha ruwa ya kama nono. Amma an gwada an gani cewa ba shi maganin sauke zafi tun farkon zazzaɓi ba ya ba da tabbacin hana jijjiga. Sau da yawa jijjigar takan zo ne a farkon ciwon, wani lokacin ita ce ma alamar farko da uwa za ta gani kafin ta san jikin ya yi zafi, kuma yaro yana iya yin ta a ma'aunin 38 da ɗoriya, ba sai ya kai 40 ba. Ina faɗin wannan ne domin wannan baiwar Allah ta ba ɗanta magani da la'asar kuma ya ɗauke da dare, kada ta zauna tana zargin kanta cewa sakacinta ne.

Haɗarin ɗaukar farasitamol a matsayin rigakafin jijjiga shi ne uwa mai tsoro takan yi ta ƙarawa, yawansa kuma hanta yake lalatawa. Ana auna shi ne da nauyin yaro, miligiram 15 ga kowane kilo. A ce ɗanta yana da kilo 10, kamar yawancin sa'o'insa, to miligiram 150 ke nan. Idan kwalbar ta rubuta miligiram 120 a cikin mililita 5, za a ba shi kimanin mililita 6, da sirinji ko murfin awo, ba da cokalin cin abinci ba, kuma kada ya wuce sau huɗu a yini da dare. A kuma duba sauran kwalaben da ke gidan, domin wasu magungunan mura da na haƙori suna ɗauke da farasitamol a ciki, sai a ninka wa yaro ba a sani ba. Ibuprofen kuwa ba a son ba yaron da ke amai da gudawa ko wanda ya ƙi shan ruwa, saboda ƙoda. Asfirin kuma ba na ƙananan yara ba ne sam.

Batun haƙori shi ne ya fi damuna. Fitar haƙori tana iya sa yaro ƙaiƙayin dasashi da rigima, amma ba ta kawo zazzaɓi mai zafin da zai sa yaro ya ɗauke. Yara da yawa sun iso mana a makare domin an zauna kwana uku ana cewa haƙori ne.

Mai Kemis a Kurna:
Na karɓi gyara a kan awo da haƙori. Amma batun goga ruwa ban sauka ba, domin a asibiti ma na sha ganin ana sa iyaye su goga wa yara tsumma mai ruwa.

Sista ta Sashen Yara:
Haka ne, ana yi, kuma ma'aikata kansu ba bakinsu ɗaya ba a kai. Wasu suna ganin tsumma da ruwa mai ɗan ɗumi yana taimakawa a garin da ke da zafi irin namu, wasu suna ganin amfaninsa kaɗan ne kuma yana sa yaro kuka. Inda babu saɓani shi ne ruwan randa mai sanyi ko na ƙanƙara, domin yana sa yaro rawar ɗari, jijiyoyin fata su tsuke, zafin ya taru a ciki. Kuma a lokacin da yake jijjiga ba a sheƙa masa ruwa a fuska ko kaɗan.

Amarya daga Hotoro:
Sannunku da ƙoƙari. Ni ma hankalina ya kwanta da wannan bayanin, domin jaririyata mai sati uku jikinta ya yi zafi tun jiya, ta rage kama nono, ɗazu kuma na ga hannunta ɗaya yana ɗan fizga. Tunda an ce abin ba ya cutarwa, zan ba ta farasitamol in ga yadda za ta kwana.

Sista ta Sashen Yara:
Ƙanwata, don Allah kada ki jira safiya, ki tashi maigida ku tafi asibiti yanzu. Duk abin da na faɗa a sama na yaran da suka kai wata 6 ne. Jaririyar da ba ta kai wata 3 ba, zafin jiki kaɗai ya isa a kai ta asibiti a ranar, balle ga ƙin nono ga fizgar hannu. A wannan shekarun ƙwayar cuta takan shiga jini ko ƙwaƙwalwa cikin sauri, kuma jarirai ba sa nuna alamu da yawa. Asibitin Murtala, Asibitin Yara na Hasiya Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano duk suna karɓar yara, ku nufi wanda ya fi muku sauƙin isa. Kada ki ba ta wani magani, ki ci gaba da gwada ba ta nono a hanya idan tana iya tsotsa.

Amarya daga Hotoro:
To Anti, ga shi muna shiri. A sa mu a addu'a.

Hajiya Kaka:
Allah ya ba ta lafiya, ya sa ku isa a sa'a.

Baban Yara daga Ɗorayi:
Amin. Sista, akwai abin da ya ɗaure mini kai. Kin ce jijjigar ba ta cutarwa kuma tana tsayawa da kanta, to me ya sa za a fita da yaro ƙarfe ɗaya na dare, ga wahalar samun adaidaita sahu, ga kuɗin gwaji? Ni ɗiyata ta yi sau biyu, na farko mun je, na biyu kuwa mun bari sai da gari ya waye, kuma ba abin da ya same ta.

Sista ta Sashen Yara:
Tambayarka ita ce gishirin maganar. Ba jijjigar muke zuwa nema wa magani ba, abin da ya kawo zazzaɓin muke nema. A ƙasashen da babu cizon sauro, yawancin irin waɗannan yaran mura ce ko ciwon kunne ko na maƙogwaro ke damunsu. Mu a Kano muna da cututtuka biyu da ke fara wa yaro da zazzaɓi da jijjiga iri ɗaya sak, amma suna iya kisa cikin kwana ɗaya ko biyu. Na farko zazzaɓin cizon sauro da ya hau ƙwaƙwalwa, wanda ya fi yawa daga tsakiyar damina zuwa kaka. Na biyu sanƙarau, wanda ya fi zuwa da rani da bazara, kuma manyanmu ba su manta annobar 1996 ba. A minti na farko babu uwar da za ta iya bambance su da jijjiga mai sauƙi, mu ma sai mun duba.

Abin da ke bambance su shi ne yadda yaro yake bayan abin ya lafa. Mai jijjiga mai sauƙi yakan yi barci ko ya yi lamo na ɗan lokaci, amma yawanci kafin awa guda ya buɗe ido, ya gane uwarsa, ya nemi nono. Wanda aka tashe shi bai tashi ba, ko jijjigar ta dawo a yinin, ko gefe ɗaya ne kawai ke fizga, ko wuyansa ya ƙage ba ya lanƙwasuwa, ko maɗigarsa ta kumbura, ko yana amayar da duk abin da ya sha, ko tafin hannunsa ya yi fari fat, ko numfashinsa yana sama-sama, wannan ba a kwana da shi a gida ko da ƙafa za a taka.

A asibiti za a ɗan huda yatsa a yi gwajin cizon sauro, sakamakon yakan fito cikin kamar minti 20. Za a auna sukarin jininsa, domin yaron da ya wuni bai ci ba ga zazzaɓi sukarinsa yakan faɗi, wannan ma yana kawo jijjiga. Za a duba kunne, maƙogwaro da ƙirji. Idan an yi zargin sanƙarau za a nemi izinin ɗibar ruwa a gadon baya, kuma ina roƙon iyaye su daina gudun wannan, domin allurar tana shiga ne ƙasa da inda laka ta ƙare, ba ita ke gurgunta yaro ba, ciwon da aka makara ba a gano ba ne ke yi.

Game da ɗiyarka, a karon farko babu zaɓi, a je a lokacin. A karo na biyu, idan likita ya riga ya san ta da wannan, jijjigar ta yi gajeriya, ta kuma farka garau tana shan ruwa, akwai likitocin da za su ce a kawo ta da sassafe. Ni dai a watan Agusta ko Satumba ba zan ba kowa shawarar ya kwana ba tare da gwajin jini ba.

Baban Yara daga Ɗorayi:
Na fahimta, ko da yake wanda ke zaune a bayan gari ba tare da abin hawa ba, shawarar tana da nauyi a kansa. Abin da na yi bayan na biyun shi ne na karɓi lambar wani maƙwabcinmu mai adaidaita, muka yi da shi cewa zan iya buga masa ko ƙarfe nawa ne.

Uwar Biyu daga Gwale:
Wannan dabarar zan gaya wa maigida. Sista, maganar Baban Yara ta tayar mini da wani tsoron, wato ke nan nawa ma zai sake yi?

Sista ta Sashen Yara:
Yana iya sakewa, kuma gara ki sani tun yanzu. Kimanin yaro ɗaya cikin uku yakan sake yi a wani zazzaɓin, musamman wanda ya fara tun yana ƙarami sosai ko wanda abin yake a danginsu, don haka ki tambayi surukarki ko babansa ya yi yana yaro. Maimaituwar ba ta mayar da ita farfaɗiya, kuma yawanci takan ɓace kafin yaro ya kai shekara 6. Waɗanda ke zama masu farfaɗiya daga baya kaɗan ne, kamar 1 ko 2 cikin 100 bayan irin jijjigar da ɗanki ya yi, shi ya sa ba a ɗora irin waɗannan yaran a kan maganin farfaɗiya na kullum, kuma kada ki yarda wani ya sayar miki da shi ba da takardar likita ba. Ki tabbata ya shanye maganin cizon sauron na kwana 3 ko da ya warware, ya riƙa kwana a gidan sauro, ki karɓi maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana ba yara da damina, kada kuma wannan ya sa ki fasa kai shi allurar rigakafinsa.

Uwar Biyu daga Gwale:
Na tambaye ta ɗazu, ta ce babansa ya yi sau uku kafin a yaye ƙaninsa, ba ta taɓa gaya mini ba sai yau. Na karanta mata abin da aka rubuta a nan, ta dubi dasashin yaron ta ce cokali kam ta bari, amma albasa sai ta yi tunani. Don Allah idan akwai wanda ya ji labarin Amarya da jaririyarta ya sanar da mu.